Kayan da Suka Kwana a Sito: Yadda Ake Auna Ƙarfin Kasuwa Daga Guntuwar Takarda

Ɗaliban da ke ɗaukar darasin akanta a jarrabawar WAEC ko NECO sun san irin tambayar nan. Za a ajiye musu layuka goma ko goma sha biyu da aka tsakuro daga littafin wani ɗan kasuwa, kowane layi da adadin kuɗinsa a gefe, sannan a ce su fitar da amsa biyu. Ta farko, shin abin da ke hannun mutumin nan zai iya biyan bashin da ke gab da zuwa masa? Ta biyu, a cikin kowace naira ɗari ta ciniki, nawa ce riba kafin a cire ɗawainiyar shago? Tambayar ba ta tsaya a sakandare ba. Tana bin mutum har matakan farko na jarrabawar ICAN, ƙungiyar akantocin da doka ta kafa a 1965, tana kuma jiransa a teburin ma'aikacin banki ranar da ya je neman rance.

Lissafin kansa bai fi rabawa sau biyu ba, yaron aji shida na firamare ma zai iya. Inda ake zubar da maki shi ne wajen tantance layin da zai shiga lissafi da wanda aka jefo don ruɗi. Akwai kuma layi ɗaya da ke da hannu a amsoshin biyu gaba ɗaya, wato darajar kayan da suka rage ba a sayar ba a ranar rufe littafi.

A ɗauki misali na ƙirƙira, amma irin wanda duk mai shiga Kantin Kwari a Kano zai gane. Wani mai sayar da atamfa da shadda ya rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba, ga abin da aka tsakuro daga takardar dukiya da bashinsa, duk a naira:

Kantoci da kayan ƙawata shago: 6,000,000
Motar ɗaukar kaya: 4,000,000
Kayan sayarwa da suka rage: 9,000,000
Bashin da yake bin masu saye: 4,500,000
Hayar shago da ya biya ta gaba: 500,000
Tsabar kuɗi a hannu: 1,000,000
Bashin da dilolinsa ke binsa: 5,000,000
Abin da ya zarar a asusun banki: 2,000,000
Albashin yara da kuɗin wuta da bai biya ba: 500,000
Rancen banki na shekara biyar: 6,000,000

A takardar jarrabawa ana rubuta ƙa'idar awon farko kamar haka:

```
Current ratio = Current assets / Current liabilities
```

Ma'anarta, a tara dukiya mai juyawa, a raba ta da bashin kusa. Ma'aunin da ake bi wajen tantancewa shi ne wata goma sha biyu. Duk abin da yake tsabar kuɗi ne, ko ake sa ran zai koma kuɗi ko a ci amfaninsa cikin shekara mai zuwa, dukiya ce mai juyawa. Duk bashin da wa'adin biyansa zai cika cikin wannan shekarar, bashin kusa ne.

Da wannan ma'auni, kantoci da mota sun fita tun farko. Dukiya ce, har ma ta fi wasu layukan tsada, amma ba don sayarwa aka saye su ba, kuma ɗan kasuwar da ya kai ga sayar da motarsa don ya biya dila ya riga ya shiga wani hali dabam. Abin da ya rage layi huɗu ne: kaya na miliyan 9, bashin da ake bin mutane miliyan 4 da rabi, haya ta gaba dubu 500, da tsaba miliyan 1. Jimla miliyan 15.

Hayar nan ta gaba takan sa ɗalibai kokwanto, domin kuɗi ne da ya riga ya fita, mai gidan kuwa ba zai maido ba. Dalilin sa ta a dukiya shi ne ɗan kasuwar ya sayi damar zama a shagon na wasu watanni masu zuwa, kuma a waɗannan watannin ba zai sake ciro ko kwabo don haya ba. Kishiyarta ita ce albashi da kuɗin wutan da aka ci amfaninsu ba a biya ba. Babu wanda ya zo ya ba da rance a nan, amma bashi ne, kuma shi ne ma zai fara ƙwanƙwasa ƙofa a watan Janairu.

Bashin kusa ke nan layi uku: dilolin miliyan 5, zarar banki miliyan 2, da ragowar albashi da wuta dubu 500. Jimla miliyan 7 da rabi. A raba 15 da 7.5, amsa ta fito 2, ana kuma rubuta ta 2:1. Wato a kan kowace naira ɗaya da za a nema daga gare shi cikin shekara, yana da naira biyu a ƙasa. Ba a sa alamar naira a gaban wannan amsa, ba a kuma mayar da ita kashi cikin ɗari.

Yanzu ga tarkunan. Wanda ya ga kalmar banki a layin zarar asusu ya ɗauka kuɗi ne a ajiye, zai kai miliyan 2 ɗin ɓangaren dukiya, sai ya sami 17 a sama da 5.5 a ƙasa, amsarsa ta haura 3. Kuskure ɗaya ne amma ya ci sau biyu, ya kumbura sama ya kuma rage ƙasa. Zarar asusu bashi ne da banki ke iya nema a kowane lokaci, saboda haka ko da ɗan kasuwa ya shekara goma yana sabunta ta, mazauninta bashin kusa. Wanda kuma ya haɗa rancen shekara biyar da sauran basussuka zai raba 15 da 13.5, ya sami 1.11, ya mai da mai lafiya majinyaci.

Sai dai shi rancen nan yana da wani lungu da manyan jarrabawoyi ke son leƙawa. Idan an ƙara bayani a ƙasan tambaya cewa ana biyansa kashi-kashi, miliyan 1.2 kowace shekara, to kason da zai faɗo cikin wata goma sha biyu masu zuwa ya bar sahun dogon zango, ya dawo bashin kusa. Ƙasa ta koma 8.7, amsa ta sauko zuwa 1.72. Shi ya sa malaman akanta ke nanata wa ɗalibai su karanta ƙananan bayanan da ke ƙasan tambaya kafin su taɓa na'urar lissafi. A can ne kuma ake ɓoye tanadin da aka ware saboda bashin da ake shakkar dawowarsa, wanda dole a zare shi daga abin da ake bin mutane kafin a tara.

Amsa ta biyu tana da wani abin lura da ba kowa ke farga da shi ba: ba a iya fitar da ita daga takardar dukiya da bashi kaɗai. Wannan takarda matsayin rana guda take nunawa, ranar 31 ga Disamba, riba kuwa labarin shekara ce sukutum. Dole mai tambaya ya kawo wasu layuka daga asusun ciniki. Ga na mai atamfa:

Cinikin shekara: 52,000,000
Kayan da masu saye suka maido: 2,000,000
Kayan da aka buɗe shekara da su: 7,000,000
Sarin da aka yi: 41,500,000
Kuɗin dakon shigo da kaya: 1,500,000
Kayan da aka mayar wa diloli: 1,000,000
Kuɗin kai wa masu saye kaya: 800,000

Ƙa'idar kuma ita ce:

```
Gross profit margin = (Gross profit / Net sales) x 100
```

Za a fara da gyara ciniki. Kayan da aka maido ba ciniki ba ne, saboda haka 52 a cire 2, saura miliyan 50. Wannan ita ce lambar da za ta zauna a ƙasa.

Sai a nemo uwar kuɗin kayan da aka sayar, kuma a nan ne aikin yake. Ɗan kasuwa ba ya bin kowane turmin atamfa ya rubuta nawa ya saye shi a ranar da ya fita, don haka akanta yakan biyo ta bayan gida. Ya ce, an buɗe shekara da kayan miliyan 7, an saro na miliyan 41 da rabi, an kashe miliyan 1 da rabi kafin su iso shago, an mayar wa diloli na miliyan 1. Duk abin da ya ratsa ta shagon a shekarar ya kama miliyan 49. A ranar rufewa an ƙirga an tarar da na miliyan 9. To abin da ba ya nan, shi aka sayar: 49 a cire 9, miliyan 40. Ɗanyar riba ita ce 50 a cire 40, miliyan 10. A raba 10 da 50 a ninka da ɗari, kashi 20 cikin ɗari.

Layi ɗaya bai shiga ba, kuɗin kai wa masu saye kaya. Dako iri biyu ne a lissafi, kuma inda motar ta nufa ke raba su. Kuɗin da aka biya don ɗauko dila daga Legas zuwa Kano yana cikin abin da kayan suka tsaya wa mai shago, domin ba don shi ba babu abin sayarwa. Kuɗin da aka biya don aika wa wani mai saye a Katsina ɗawainiyar sayarwa ce, sahunsa ɗaya da haya da albashi, sai an zo neman tsantsar riba ake cire shi. Wanda ya cire shi tun yanzu zai sami 18.4. Wanda ya manta da kayan da aka maido zai sami 23.1. A tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, irin waɗannan amsoshin ne ake jerawa a gefen ta gaskiya, don mai kuskure ya ga lambarsa a takarda ya saki jiki.

Akwai wani ruɗanin da ya fi ƙarfin ɗalibai, har a kasuwa ana yinsa. Da za a tambayi mai atamfar nawa yake ɗorawa, mai yiwuwa ya ce kashi 25, kuma bai yi ƙarya ba. Turmin da ya tsaya masa naira 8,000 yana sayar da shi 10,000. Ribar naira 2,000 ce ko ta ina aka duba, amma a kan uwar kuɗi rubu'i ce, a kan farashin sayarwa kuwa ɗaya bisa biyar ce. Ɗan kasuwa ya fi tunani da ta farko domin daga sari yake fara lissafi, akanta da ma'aikacin banki sun fi son ta biyu domin sauran ɗawainiya duk da ciniki ake gwada su. Hanyar sauyawa mai sauƙi ce: idan ɗorin kan uwa ɗaya bisa huɗu ne, rabon riba a ciniki ɗaya bisa biyar ne, idan ɗaya bisa uku ne, ya zama ɗaya bisa huɗu.

Amfanin sanin wannan yana fitowa idan aka juya tambayar. A ce an ba da uwar kuɗi miliyan 40 da rabon riba kashi 20, an ce a nemo ciniki. Hannu yakan yi saurin ɗora kashi 20 a kan 40 ya rubuta 48. Amma kashi 20 ɗin na ciniki ne, wanda ke nufin uwar kuɗi ita ce ragowar kashi 80, don haka 40 za a raba da 0.8 a sami 50. Mai shagon da ya yi wannan kuskure wajen yanka farashi zai shekara yana zaton yana cin naira 20 a ɗari, alhali abin da ke shigowa bai kai 17 ba.

A koma kan miliyan 9 ɗin nan. Ta fito sau biyu. A amsa ta farko ita ce mafi girma cikin dukiya mai juyawa, kashi 60 cikin ɗari na jimlar. A ta biyu ita aka zare daga 49 aka sami uwar kuɗi. Ita ce kuma lambar da ta fi kowace rauni a takardar. Tsabar kuɗi ana ƙirga ta, zarar asusu tana cikin takardar banki, bashin dila yana cikin littafin dila. Darajar kayan sito kuwa mai shago ne da yaransa suka ƙirga suka kuma yi mata farashi.

Ƙa'idar akanta ta duniya a kan kayan sayarwa, wadda ake kira IAS 2, ta ce a rubuta su a kan wanda ya fi ƙanƙanta cikin biyu: abin da aka kashe wajen samo su, ko abin da za su kawo idan aka sayar bayan an cire kuɗin sayarwar. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya sun koma bin waɗannan ƙa'idoji na duniya tun 2012, amma wannan hukunci ya daɗe a littattafan makaranta kafin nan. A harkar atamfa ba ƙaramin abu ba ne, domin zanen da mata suka yi rububinsa a sallar bara yana iya zama abin da ba mai ɗagawa bana.

A ce cikin kayan miliyan 9 akwai tsofaffin zane da aka saro a kan miliyan 3, waɗanda yau ko an yi sa'a ba za su wuce miliyan 1 da rabi ba. Dole a sauke darajar kaya zuwa miliyan 7 da rabi. Dukiya mai juyawa ta koma 13.5, awon biyan bashi ya sauko daga 2 zuwa 1.8. A ɗaya ɓangaren, 49 a cire 7.5 ya ba da uwar kuɗi 41.5, riba ta koma 8.5, rabonta ya faɗo daga kashi 20 zuwa 17. Gyara ɗaya, amsa biyu sun motsa tare. Ɗalibin da ya gyara a asusun ciniki ya manta da takardar dukiya, ko akasin haka, ya ba da amsoshi biyu masu ƙaryata juna.

In an juya abin, sai a ga dalilin da ya sa mai son yaudarar banki yake fara duba sito. Ƙara miliyan 1 da rabi na kayan da babu su zai kai awon bashi 2.2, ya kai rabon riba kashi 23, ba tare da an taɓa littafin kowa a waje ba.

An taɓa yin haka a babban mataki. A 1938 asirin kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ya tonu a Amurka. Shugabansa, wanda ake kira F. Donald Coster, ashe wani tsohon ɗan damfara ne mai suna Philip Musica da ya sauya suna. Cikin dukiyar kusan dala miliyan 87 da littafin kamfanin ya nuna, kimanin miliyan 19 babu su ko kaɗan, kuma sun kasu gida biyu: kayan magani da aka ce suna jibge a wasu ɗakunan ajiya a Kanada, da basussukan da aka ce ana bin wasu masu saye. Duka biyun dukiya mai juyawa ce. Masu binciken asusun kamfanin, Price Waterhouse, sun duba takardu sun ga komai ya dace da juna, amma ba su je sun ga kayan da idonsu ba, domin a lokacin aikinsu bai wajabta musu haka ba. A shekarar da ta biyo baya ƙungiyar akantocin Amurka ta mayar da halartar ƙirgar kaya da tuntuɓar waɗanda ake bi bashi cikin matakan bincike na yau da kullum. Odita da ake gani yau yana zagaya sito da takarda a hannu a ƙarshen shekara, daga wannan badaƙala aikinsa ya samo tushe.

Saboda wannan raunin ne tambayar jarrabawa takan zo da ƙanwa, wato awon gaggawa, inda ake cire kayan sayarwa gaba ɗaya a ga abin da ya rage. A wajen mai atamfa, 15 a cire 9 saura 6, a raba da 7.5, amsa 0.8. Wasu littattafan suna cire har da hayar gaba, tunda ba a biyan dila da ita, sai amsar ta zama 0.73. Mutumin da ya fito da kyakkyawar 2:1 ɗazu, ashe idan diloli da banki suka taso masa a mako ɗaya, ko duk masu cin bashinsa sun biya ba zai iya sallamar kowa da kowa ba sai ya karyar da kaya.

To ina aka samo 2:1 ɗin da littattafai ke kira daidai? Al'ada ce ta ma'aikatan bankunan Amurka tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kuma hikimarta ita ce ko da dukiyar mai cin bashi ta zube da rabi a gwanjo, banki zai fita da kuɗinsa. Tun a 1919 wani masanin harkar rance mai suna Alexander Wall ya wallafa nazari yana nuna cewa dogaro da wannan awo shi kaɗai bai isa ba, kuma abin da ya dace ya bambanta daga sana'a zuwa sana'a. Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya shafe shekaru awonsa yana ƙasa da 1, bai kuma gaza biyan kowa ba. Yana karɓar kuɗi nan take daga masu saye, kayansa ba sa daɗewa a kanta, masu kawo masa kaya kuwa sai sun jira makonni. Mai sayar da shinkafa da sukari a kasuwar Singa, wanda kayansa ke ƙarewa cikin kwanaki, zai rayu da awon da zai kashe mai sayar da kujeru. Awo mai tsayi sosai ma ba lallai abin murna ba ne. Shagon da ya nuna 5:1 yana iya kasancewa cike da kayan da suka ƙi tafiya da basussukan da suka ƙi dawowa, kuma duka biyun suna kumbura saman lissafi.

Ana kuma iya yi wa awon kwalliya ba tare da ƙarya ko ɗaya ba. A ce ana saura kwana biyu a rufe littafi, mai atamfa ya matsa wa masu cin bashinsa ya karɓo miliyan 1 da rabi, ya haɗa da tsabar miliyan 1 da ke hannu ya kai wa diloli. Sama ta koma 12.5, ƙasa ta koma 5, awo ya tashi zuwa 2.5. Bai ƙaru da ko sisi ba, tazarar da ke tsakanin dukiya da bashi tana nan miliyan 7 da rabi, aljihunsa ma ya bushe ƙaf. Da kuma a ranar ya karɓi sabbin kaya na miliyan 5 bashi saboda cinikin sabuwar shekara, da awon ya faɗo zuwa 1.6, alhali dabarar kasuwa ce mai kyau. Idan awo ya haura 1, rage sama da ƙasa da adadi ɗaya yana ɗaga shi, ƙara musu kuma yana sauke shi. Idan yana ƙasa da 1, abin juyawa yake yi. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tambaya, ma'aikatan banki kuma saboda ita suke neman takardar shige da ficen asusu ta watanni maimakon su tsaya ga lambar rana guda.

Ɗan kasuwa Musulmi da ke fitar da zakkar kayan ciniki ba baƙo ba ne ga irin wannan tankaɗe da rairaya. Shi ma in shekara ta zagayo yakan haɗa tsabarsa da kayan sayarwa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya bar kantoci da motar aiki a gefe. Bambancin shi ne malamai sukan ce a yi wa kayan ƙima da farashin kasuwa na ranar, akanta kuwa ba ya yarda ya haura abin da aka kashe wajen sari. Don haka lambar da aka yi zakka da ita ba lallai ta dace da takardar da za a kai banki ba.

Shi ma rabon riba yana da inda yake ruɗi, kuma 'yan kasuwar Nijeriya sun ɗanɗana. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki farashin naira, dalar da ake samu a wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda yake da tsofaffin kaya a lokacin ya ga riba mai kyau a takarda. Turmin da ya saro 8,000 ya sayar 12,000, rabon riba ya tashi daga kashi 20 zuwa 33. Amma da ya koma sari ya tarar turmin ya kai 13,000, kuɗin da ya karɓa gaba ɗaya, uwa da riba, bai isa ya maido da abin da ya fitar ba. Lissafin bai yi kuskure ba, yana gwada farashin yau ne da sarin jiya, haka aka gina shi.

Shi ya sa ba a karanta waɗannan lambobi su kaɗai. Ana jera su da na bara da na bara waccan, da na maƙwabta masu irin sana'ar. Idan rabon riba ya sauka daga 20 zuwa 17 alhali farashin sari da na sayarwa ba su sauya ba, akwai wuraren dubawa sanannu: ko ana yi wa manyan masu saye ragi fiye da da, ko an karyar da tsofaffin kaya, ko an yi kuskuren ƙirga, ko kuma kaya na fita ta ƙofar baya. Hanyar da aka bi aka samo uwar kuɗi ba ta bambanta abin da aka sayar da abin da aka sace, duk abin da ba a tarar a sito ba ta ɗauka an sayar, sai dai babu cinikinsa.

Kumbura kaya kuma ba ya ɓoyuwa har abada, domin kayan rufewar bana su ne kayan buɗewar baɗi. Miliyan 1 da rabin da aka ƙara wa ribar bana za ta shiga uwar kuɗin baɗi ta cinye daidai wannan adadi, sai dai in an sake yin wata ƙaryar da ta kai ta ko ta fi ta. Mai duba takardun shekara uku a jere yana iya hango alamar: awon biyan bashi yana hawa, rabon riba yana hawa, darajar kayan sito tana girma fiye da yadda ciniki ke girma, amma awon gaggawa yana nan a 0.8 bai motsa ba, zarar banki kuma ba ta ragu ba. Idan ma'aikacin banki ya ga haka a takardar mai atamfa, abin da zai nema na gaba shi ne takardar ƙirgar kaya, dila-dila, da ranar da aka saro kowace.